Daga kwando zuwa biyan kuɗi: a ina masu saye suke zamewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa, leshi da mayafai a Aboabo, nan Kumasi. Ɗana ya buɗe mini shago a intanet da WooCommerce, ana biya da Momo ko da kati. A watan jiya Google Analytics ya nuna an jefa kaya a kwando sau 1,400, amma oda 90 kaɗai aka biya. Ina sauran suka shiga, kuma yaya zan gane inda suke juyawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kafin ki tayar da hankalinki, waccan babbar lambar ba ta mutane ba ce, ta dannawa ce. Mace ɗaya da ta zaɓi turmi uku da mayafi biyu ta danna sau biyar, in kuma ta cire ɗaya ta mayar, ta danna na shida. Don haka ki ce wa yaron ya dubo miki yawan mutanen da suka saka kaya, ba yawan sakawar ba. A cikin Google Analytics ginshiƙin da ake so shi ne Total users, ba Event count ba. Zan ƙaddara cewa in ya duba zai tarar da mutum 800, kuma duk sauran lambobin da zan kawo na misali ne, na ɗora su a kan casa'in ɗinki don ki ga yadda ake lissafin. Naki na gaskiya sai ki zuba su a gurbinsu.

Ko da mutum 800 ɗin, wanda ya biya wajen kashi 11 cikin ɗari ne kacal. Wannan ba abin mamaki ba ne a wannan harka. Cibiyar Baymard, wadda ta daɗe tana tattara bincike a kan shagunan intanet, ta nuna cewa kusan kwando bakwai cikin goma ajiye shi ake yi a tafi. Amma sanin hakan ba zai ƙara miki ko pesuwa ɗaya ba, domin lamba ce dunƙulalliya. Kamar a ce miki an yi asarar kaya tsakanin Kumasi da Tamale ne, ba a faɗa miki ko a tasha aka yi ba, ko a Techiman, ko wajen saukewa. Aikin da ke gabanmu shi ne mu raba hanyar zango-zango.

Masu wannan sana'a suna kiran abin mazurari, irin wanda ake ɗura man gyaɗa a kwalba da shi: baki mai faɗi a sama, ƙasa siririya. Bambancin shi ne wannan mazurarin yana da huji a gefe, kuma ba dukan hujin ne girmansu ɗaya ba. Zangunan da mai saye yake ratsawa a shagonki guda biyar ne: ya saka kaya a kwando, ya shiga shafin biya, ya cika adireshi ya ga kuɗin kai kaya, ya danna maɓallin biya, sannan kuɗi ya shigo. Google Analytics ya riga ya raɗa wa kowanne suna, kuma da waɗannan sunayen yaron zai neme su:

```
add_to_cart
begin_checkout
add_shipping_info
add_payment_info
purchase
```

Zai shiga Explore, ya zaɓi Funnel exploration, ya jera su bi da bi. Kada ya kunna Make open funnel, domin ana so a bi mutane guda ne tun daga farko har ƙarshe, ba a bar wasu su faɗo ta tsakiya ba. Akwai wani abu da zai fara tabbatarwa: a shaguna da yawa na WooCommerce adireshi da biya duk a shafi ɗaya suke, kuma wasu manhajojin da ke aika bayanai sukan harba na uku da na huɗu a lokaci guda. In ya ga lambobin biyu sun zo daidai da juna kamar tagwaye, to ba masu saye ba ne suka yi kirki, awon ne bai raba su ba, sai ya gyara wannan tukuna.

To, mu ce ya gyara, ga abin da ya fito. Cikin 800 da suka saka kaya, 400 sun shiga shafin biya. Cikin 400 nan, 240 sun gama da adireshi. Cikin 240, mutum 200 sun danna biya. Cikin 200, mutum 90 kuɗinsu ya shigo. Yadda ake karanta shi, kowane zango ana raba shi da wanda ya gabace shi ne, ba da na farko ba. Rabi sun wuce zangon farko, kashi 60 cikin ɗari sun wuce na biyu, kashi 83 sun wuce na uku, kashi 45 kacal suka wuce na ƙarshe.

Ido zai fara kai wa ga mutum 400 da suka tsaya a kwando, tunda su suka fi yawa. Ni kuwa su ne ba su dame ni ba. Ke ma kin san su a shago: ta shigo ta ɗaga turmi, ta kara a jiki, ta tambayi kuɗi, ta ce sai ta dawo. A intanet kwando shi ne wurin ajiye abin da ido ya so. Wata tana haɗa lissafin kayan lefe ne, wata za ta ɗauki hoto ta tura wa ƙawayen ango ko na amarya a zaɓi anko, wata tana jiran ƙarshen wata. Shi ya sa ba a yanke hukunci a kan kwando a ranar da aka cika shi. Ki ba shi kwana bakwai kafin ki sa shi cikin waɗanda aka yasar. Ki kuma sani cewa wadda ta cika kwando ta cikin Instagram, daga baya ta dawo ta Chrome ta saya, awon zai ɗauke ta mutum biyu, ɗaya ta gudu ɗaya ta biya. Saboda haka lambar wannan zangon kullum ta fi gaskiya muni.

Zango na biyu ya fi cancanta a tsaya a kansa, inda mutum 160 suka buɗe shafin biya suka fasa. Waɗannan sun yi niyya. Abu biyu ne galibi ke korar su, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne: ko kuɗin kai kaya ya bayyana musu ba zato, ko kuma tambayoyin da ake musu sun gundure su. Ana rarrabe su ta hanyar duba garuruwa. Mu ce cikin 400 ɗin rabi 'yan Kumasi ne, rabi na wasu garuruwa. In 160 cikin 200 na Kumasi sun wuce, amma 80 kaɗai cikin 200 na waje suka wuce, magana ta fito fili: kuɗin mota ne. Wadda ke Asawase ko Tafo ɗan babur zai kai mata da kuɗi kaɗan, ita kuwa ta Wa ko Bolgatanga sai a shafin ƙarshe ta ga an ɗora mata abin da ya kusa kuɗin mayafin. Ba lallai sai kin rage ba. Sau da yawa ya isa ki rubuta kuɗin kowane yanki a ƙarƙashin kaya tun daga farko, ki kuma ƙara zaɓin karɓa a tasha, wanda mutanenmu suka saba da shi tun kafin intanet.

In kuwa na gida da na nesa duk faɗuwarsu ɗaya ce, to ki tuhumi tambayoyin. WooCommerce yana zuwa da gurabe irin na ƙasashen da ake kai wasiƙa ƙofar gida: sunan kamfani, layin adireshi biyu, lambar gidan waya, imel. Mu a zango adireshinmu shi ne bayan babban masallaci, kusa da mai waakye, ka kira in ka iso. An ƙaddamar da GhanaPostGPS tun 2017, kuma yana da amfani ga mai kai kaya, amma ba kowa ya haddace lambar gidansa ba. In kin sa ta dole, wadda ba ta riƙe ta a ka ba za ta fita nemowa, kuma fitar ke nan. Ki bar suna, lambar waya, gari, unguwa da alamar da ke kusa. Sauran su zama na ganin dama. Wata kariya a nan: kada a dogara da garin da Google Analytics yake nunawa da kansa. Hasashe yake yi daga layin intanet, kuma mai amfani da datar waya a Kumasi ana iya nuna shi a Akra. Garin da mai saye ya zaɓa da hannunsa shi ne abin lissafi, don haka a sa gurbin zaɓen yanki a sama, a kuma adana amsar tun lokacin da aka zaɓa.

Zango na uku ba sai mun ɓata lokaci ba. Mutum 40 sun ga jimilla sun ja da baya, wasu kuma sun nemi a biya in kaya ya iso ba su gani ba. Wannan ɗan yoyo ne da za a iya haƙuri da shi a yanzu.

Inda nake so ki zuba ido shi ne mutum 110 na ƙarshe. Sun zaɓi kaya, sun yarda da farashi, sun yarda da kuɗin mota, sun rubuta lambar wayarsu, sun danna biya. Babu sauran ciniki tsakaninki da su. Kuma a daidai nan ne Google Analytics yake makancewa, domin abin da ya rage ba a shafinki yake faruwa ba, a cikin wayar mutum yake faruwa, tsakaninsa da kamfanin layinsa. Duk wanda ya kwafo tsarin awo daga ƙasar da kati ne hanyar biya zai ga layi ɗaya a nan, alhali a Gana matakai ne da dama: a tura buƙatar biya, saƙon amincewa ya fito a waya, mutum ya karanta ya yarda, ya sa lambar sirri, kuɗin ya isa, sannan labari ya koma wa shagonki. Kowanne yana iya tsinkewa.

Na taɓa zama kusa da wata baiwar Allah a wani shago a Nima, na roƙe ta ta sayi abaya a shafin shagon da wayarta ina kallo. Ta cika komai cikin natsuwa, ta danna biya. Shafin ya ce a jira, wani ɗan da'ira yana ta juyawa. Ta riƙe wayar tana kallo, saƙon bai fito ba. Ta goge fuskar wayar da gefen mayafinta, ta sake kallo. Bayan kamar minti ɗaya ta ce, "Ɗan nan, abin naku bai yi ba," ta danna baya. Na ce ta buga *170#, ta shiga My Wallet, sannan My Approvals. Ga buƙatar nan zaune tana jiran ta. Shekaru tana amfani da Momo, ba ta taɓa sanin wannan ɗakin ba, kuma shafin bai ce mata komai a kansa ba. Tun daga ranar, duk shagon da aka kira ni, abin da nake fara karantawa shi ne rubutun da ke kan allon jira.

Don ganin wannan zangon, littafi biyu za ki buɗe gefe da gefe. Na farko jerin odar WooCommerce, wanda ke buɗe oda da zarar an danna biya, ya ba ta matsayi: Pending payment in ana jira, Failed in an ƙi, Processing in kuɗi ya shigo, Cancelled in lokaci ya ƙare. Na biyu shi ne jerin cinikin kamfanin da ke karɓar miki kuɗi. In Paystack ne, misali, za ki ga success, failed da abandoned, tare da ɗan bayanin dalili a gefen wanda ya faɗi. A sauke duka biyun a zuba a Excel, a haɗa su ta lambar oda. Sannan a tattara ta lambar waya, domin wadda ta gwada sau uku ta dace a na huɗu tana iya barin oda uku matattu a baya, kuma ita mai saye ce da ta biya, ba mutum uku da suka gudu ba. Kafin a tattara a daidaita rubutun lambobin, tunda wata ta fara da 024, wata ta fara da +233, alhali layi ɗaya ne.

Mu ce an yi haka, 110 ɗin suka rabu gida huɗu. Mutum 55 lokaci ya ƙare ba su amince ba. Mutum 25 kuɗin asusunsu bai kai ba ko sun ci iyakar abin da za su iya turawa a rana. Mutum 12 sun yi kuskuren lamba ko sun zaɓi layin da ba nasu ba. Mutum 18 kuma sun biya.

Fara da na ƙarshen nan, don su ne abin tsoro. Wasunsu sun gaji sun yi miki magana ta WhatsApp, kin ba su lambarki sun turo kai tsaye. Cinikin ya faɗa, lissafin ne bai gani ba, kuma maganinsa ki riƙa tambayar lambar oda kina sauya matsayinta da hannu. Amma wasu an cire musu kuɗi, odar kuwa tana nan a Pending payment. Yadda hakan ke faruwa: ta bar shafin ta je ta sa lambar sirri, ta ga saƙon cirewa, ta ajiye waya ba ta koma ba. In shagonki sai mai saye ya dawo shafin godiya yake sanin an biya, to ba zai sani ba. Hanyar da ta dace ita ce kamfanin biyan ya sanar da shagon kai tsaye ta bayan fage, abin da za ki ga an rubuta Webhook URL a wurin saitin kamfanin biyan, kuma a Paystack sanarwar sunanta `charge.success`. Ki sa yaron ya tabbatar an cika wannan gurbin. Haɗarin ya ƙaru ne saboda saitin Hold stock na WooCommerce, wanda ke soke odar da ba a biya ba, yawanci bayan minti 60, ya mayar da kayan cikin na sayarwa. Sai ki sayar wa wata turmin da wata ta riga ta biya. Alamar wannan cuta mai sauƙi ce: duk layin da ya nuna success a littafi na biyu amma Cancelled ko Pending payment a na farko. Ko ɗaya kika samu, ki kira mai shi yau.

Su 55 ɗin nan kuwa kashi biyu ne a cakuɗe. Akwai irin matar Nima, waɗanda saƙon bai fito musu ba, ko wayar da ke da layin Momo tana hannun maigida ko tana caji a ɗaki. Akwai kuma waɗanda saƙon ya fito suka ƙi shi da gangan. Ki sayi abu a shagonki da wayarki, ki karanta sunan da ya bayyana a saƙon amincewa. In ba sunan shagonki ba ne, sunan wani kamfani ne da ba ta taɓa ji ba, wadda aka sha gargaɗi a kan 'yan damfarar Momo ba za ta sa lambar sirrinta ba, kuma ta yi daidai. Gyaran duka biyun rubutu ne na layi uku a kan allon jira: sunan da za ta gani, adadin da za ta gani, da abin da za ta buga in saƙo bai zo ba. A rubuta shi da Hausa da Turanci, da manyan baƙaƙe. Ga masu Telecel Cash da AT Money a sa nasu umarnin daban, kuma kada shafin ya zaɓa wa mutum layi daga farkon lambarsa, tunda a Gana ana iya sauya kamfani a riƙe tsohuwar lamba. Wannan shi ke rage waɗancan 12 ɗin ma.

Masu ƙarancin kuɗi, 25 ɗin, ba su fasa ba, sai sun je wurin mai Momo na bakin titi sun zuba. Abin da suke bukata shi ne su dawo su tarar da kwandonsu yadda suka bar shi, da saƙo guda mai ɗauke da hanyar biyan wannan odar. Ki aika ga wanda ya yarda a tuntuɓe shi kawai, da ɗan akwatin amincewa a shafin biya, domin dokar kare bayanai ta 2012, wato Act 843, ta shafi lambobin da kike tarawa. Kuma a cikin saƙon ki faɗa ƙarara cewa shagonki ba ya taɓa tambayar lambar sirri.

Ga dalilin da ya sa na ce ki fara daga ƙasa. Mu ce matsakaicin kwando sidi 450 ne. In rubutun allon jira ya dawo miki da 25 cikin 55, kin samu sidi 11,250 a wata ba tare da kin ƙara ko sidi ɗaya a talla ba. In kuwa daga sama kike neman waɗannan 25 ɗin, ki tuna cikin 400 da suka shiga shafin biya 90 ne suka kammala. Sai kin turo ƙarin mutum wajen 111 cikin shafin kafin ki samu ciniki 25, kuma galibi da ragin farashi ake turo su, wanda daga ribarki yake fita.

Sai dai a yi hattara da ƙananan lambobi. In kin raba ta layi kika ga mutum 9 ne suka gwada biya da wani layi, 3 suka dace, kada ki ce layin nan ba ya aiki, tunda mutum biyu kacal za su iya juya lissafin. Ni ba na gina hukunci a kan rukunin da bai kai mutum talatin ba, sai in haɗa wata biyu ko uku. Kada kuma ki gwada makon jajibirin Sallah da makon da ya biyo bayanta, don masu sayen ba iri ɗaya ba ne. Ki sauya abu ɗaya a lokaci guda, ki rubuta ranar da kika sauya a gefen lissafin, ki bar shi mako biyu cikakku. Ki fara da Webhook URL da rubutun allon jira a wannan makon, domin na farkon ba ya jiran gwaji. Bayan mako biyu ki sake raba yawan waɗanda kuɗinsu ya shigo da yawan waɗanda suka danna biya. In ya tashi daga 45 ya doshi 60, sai ki koma kan kuɗin kai kaya na Tamale da Wa.